Mutanensa Ba Sa Kallo da Dare

"To ki duba da kanki mana," in ji Halliru. "Ba ni na ƙirƙira ba, ga shi nan a fili."

"Na gani, Yaya."

"Ba ki gani ba. Bango kike kallo."

Gaskiya ya faɗa. Bangon ɗakin girki Afra'u take kallo, daidai inda siminti ya tsage. Yau kwana talatin da biyar ke nan da rasuwar mijinta Mukhtar, kuma a cikin kwanakin nan babu abin da ta ƙware a kai kamar kallon bango. Tana cin abinci idan an ajiye mata, tana amsa gaisuwa idan an yi mata, tana salla a kan lokaci. Kuka kuwa tun ran sadakar uku ya ƙafe, bai sake dawowa ba. Mata masu zuwa ta'aziyya suna yaba dauriyarta, ita kuwa ta san ba dauriya ba ce. Abin da ake jin zafi da shi ne aka cire mata.

Halliru, yayan marigayin, ya ƙara miƙo wayar ta ƙarƙashin rumfar da suke zaune. Wayar Mukhtar ce. An tsince ta a gefen titin Kibiya ranar da motar itace ta bi ta kan babur ɗinsa, fuskar wayar a farfashe. Halliru yana da shagon gyaran waya a Kano, shi ya tafi da ita, sai yau Talata ya dawo da ita Rano da sabuwar fuska mai sheƙi. A gefe Hajiya Mairo, mahaifiyarsu, tana zaune a tabarma da carbi.

Mukhtar manomi ne, ɗan boko, mai surutu. Shekara uku yana da tasha a Yutub inda yake koyar da noma da Hausar da ake yi a gona: yadda ake gane iri mai kyau, lokacin zuba taki, abin da ake yi wa tsutsar masara. Mutum dubu shida da 'yan kai suke bin tashar, yawancinsu manoman Rano da Kibiya da ƙauyukan kewaye. Shi yake magana, Afra'u take riƙe waya. Tun suna saurayi da budurwa haka suke. Hasali ma a nan abin ya fara, ranar da ya roƙe ta, ita ƙanwar abokinsa, ta riƙe masa waya minti biyu a bakin wata gonar gyada, ya yi ta kuskuren magana da gangan har minti biyun ya zama awa guda.

Da ya rasu, wani ya yanko ɗan guntu daga tsohon bidiyonsa. A ciki Mukhtar yana tsaye cikin masara, yana dariya, yana cewa wanda ya shuka ba lalle ne shi zai girbe ba, sai a ji muryar mace a bayan waya tana cewa, "Kai don Allah daina irin wannan maganar." Guntun ya zaga duniya. Aka ɗora masa kiɗa mai sa kuka. Cikin wata guda masu bin tashar suka haura dubu ashirin da biyu. Ƙarƙashin kowane bidiyo addu'a ce jere, kuma kullum bayan la'asar sai Hajiya ta sa a karanta mata, tana amsawa da amin ɗaya bayan ɗaya. Da wannan take rayuwa, kowa a gidan ya sani.

Yanzu kuma Halliru ya samo a cikin wayar wani bidiyo da ba a taɓa ɗorawa ba, na ƙarshe da ƙaninsa ya yi. Shi ne maganar da ake. Ya ce ran Lahadi ake sadakar arba'in, dangi za su taru, sai a saki bidiyon a ranar, da ƙarfe tara na dare. Ya ce ba da ka ya zaɓi lokacin ba. A ɓangaren da mai tasha kaɗai yake gani akwai jadawali da ke nuna lokutan da masu kallonka suke kan Yutub: ranaku bakwai a jere, kowace rana an yanka ta awa-awa, inda launin shunayya ya yi duhu nan ne mutane suka fi yawa. Ya ɗora yatsa a wurin. Asabar da Lahadi, daga tara zuwa sha ɗaya na dare, duhu kamar an zuba tawada. Safiya kuwa fari fat.

"Ki ga fa. Idan muka sake shi a nan, a dare ɗaya sai ya samu addu'ar mutum dubu goma. Me ya fi wannan?"

Hajiya ta ɗaga kai. Ba ta kiran sunan Halliru, ɗan fari ne. Ta ce Babba ya yi tunani mai kyau, ta riga ta gaya wa 'yan'uwanta na Dawaki da na Yalwa cewa ran arba'in za a ga Muntari yana magana, kowa ya zo da shiri.

Afra'u ta ce to. Ita ce kalmar da ta fi sauƙi a bakinta. Halliru ya ajiye wayar a gefen tabarmarta, ya ce ta riƙe, ai ita ta san lambobin sirrin tashar, shi sai Asabar zai dawo.

Ba ta taɓa wayar ba sai washegari da hantsi, bayan ta share ɗaki ta rasa abin yi. Ta zauna a bakin gado ta buɗe bidiyon. Ta san shi, ita ta ɗauka, kwana ɗaya kafin hatsarin. Abin da ya ba ta mamaki shi ne yadda ta manta da shi ƙaf, kamar wata ce ta tsaya a rana ranar nan tana ce masa ya matsa hagu inuwa tana cin fuskarsa.

Ga shi nan a gonarsu ta hanyar Kibiya, ƙasa a bushe, hularsa a karkace. Babu dariya a wannan. Ya yi sallama, ya ce ya zo neman afuwa ne. Ya ce a bidiyon da ya yi watan jiya ya ba da shawarar wani maganin ciyawa da ake fesawa da zarar an shuka masara, kafin ta fito, kuma ya faɗi sunan maganin, ya ce kowa ya nema. Abin da bai faɗa ba, kuma laifinsa ne, maganin na gonar masara zalla ne. Duk wanda yake haɗa masara da gyada ko wake a gona ɗaya, kamar yadda akasarin mutanenmu suke yi, kada ya kuskura ya fesa. Zai ƙona gyadar, kuma yana daɗewa a ƙasa, har waken da za a shuka daga baya a tsakanin kunya ba zai tsira ba. Ya ce ya cire wancan bidiyon, amma ya san mutum wajen dubu tara sun riga sun gani, wasu sun sauke sun tura wa wasu. "Don girman Allah," in ji shi, "wanda ya ji wannan ya gaya wa wanda bai ji ba, kafin ruwa ya sauka."

Bidiyon ya ƙare a kan fuskarsa, bakinsa a ɗan buɗe, yana shirin tambayarta ko ya yi.

Afra'u ta jira ta ji wani abu. Ta ɗora hannu a ƙirji kamar mai laluben kuɗi a aljihu. Babu komai. Muryar da ta fi so a duniya ta yi magana minti huɗu a tafin hannunta, ita kuwa abin da ta lura da shi kawai shi ne hoton yana ɗan rawa a minti na biyu, inda hannunta ya gaji.

Amma wata kalma ta maƙale mata: kafin ruwa ya sauka. Ta leƙa ta taga. Kwana uku ke nan hadari yana haɗuwa ta gabas da yamma, ya yi baƙi, iska ta watsa shi. Ba zai yi ta watsewa ba har abada.

Ta shiga ɓangaren mai tasha, ta nemo jadawalin da Halliru ya nuna mata. Ta daɗe tana kallonsa, wannan karon da gaske. Ba baƙonta ba ne. Mukhtar yana da wata ɗabi'a da take yi masa tsiya a kai: duk ƙarshen wata sai ya ɗauki hoton wannan jadawali ya adana, domin ya ce abin ba ya tuna baya, kwana ashirin da takwas na ƙarshe kawai yake nunawa, kuma ba a iya juya shi zuwa wani watan. Takan ce masa mutane suna tara hotunan matansu, shi yana tara hotunan akwatuna. Yakan ce ai matarsa tana gabansa, mutanensa ne ba ya gani.

Kwana ashirin da takwas. Ta ƙirga da yatsu, a hankali, kamar 'yar firamare. Duk kwanakin da jadawalin nan ya auna, Mukhtar yana cikin kabari.

Ta gangara ƙasa. Inda ake nuna sababbin masu kallo da tsofaffi, layin sababbi ya yi sama kamar dutse, na tsofaffi yana kwance a ƙasa. Inda ake nuna garuruwa: Kano, Kaduna, Abuja, Legas, Jidda. Ta koma ma'ajiyar hotuna, ta yi ta ja da baya, ta wuce hotonta tana barci da baki a buɗe wanda ya rantse ya goge, ta wuce na wata akuya da suka taɓa saya, har ta iso kan akwatunan. Na watan azumi daban yake, duhunsa bayan sahur ne, ta tsallake shi. Ta buɗe na bana kafin rasuwar, ta buɗe na bara a daidai wannan lokaci na jiran ruwa, ta buɗe na bara waccan. Kusan duk kamarsu ɗaya. Dare fari ne. Akwai ɗan duhu kullum bayan azahar, lokacin da rana take korar mutum gindin bishiya. Duhu na gaske kuwa wuri ɗaya yake: Juma'a, daga ƙarfe goma na safe zuwa sha biyu da rabi.

Shi ya sa duk bidiyonsa ran Juma'a da ƙarfe tara yake fita. Ta sani, ta daɗe da sani. Ita ce ma take tuna masa ran Alhamis ya ɗora tun da wuri ya sa masa lokaci, saboda sabis ɗin unguwarsu sai ya ga dama. Wannan ma da Juma'ar makon da aka ɗauka zai fita.

Ta ajiye wayar ta kwanta. Ta ce a ranta ba ruwanta. Hajiya ta yi magana, Yaya Halliru ya yi magana, ita takaba take, ko ƙofar gida ba ta leƙawa. Lahadi da Juma'a kwana biyu ne tsakani. Ta yi barci har azahar, barci mai nauyi marar mafarki irin wanda ta saba yanzu.

Ran Alhamis da safe aka yi baƙuwa. Wata mata ce daga ƙauyen Zinyau, Adawiyya, doguwa mai tsagen baki da surutu, ta zo da ƙullin daddawa da ban haƙurin rashin zuwa da wuri. Ba dangi ba ce. Ta ce maigidanta, Malam Ishiyaku, yana zaure, shi ya matsa sai sun zo, domin a ganinsa marigayin ɗan gidansu ne ko da yake sau ɗaya suka taɓa haɗuwa. Ta gaishe da Hajiya, sannan aka shigo da ita wurin Afra'u.

Ta zauna ta yi ta zuba. Ta ce a gidansu ana ce wa Mukhtar Malamin Juma'a. Wayar maigidan tana kwana shida a mace ko a kashe, don a wajensu ba wuta, sabis kuma sai an hau tudu. Ran Juma'a ba ya zuwa gona. Da sassafe zai shigo Rano, ya ba da caji, ya sayi data ta kwana ɗaya, ya zauna a rumfar mai shayi shi da abokansa su kalli abin da Malamin ya fitar kafin a kira salla. Idan ya sauke shi, da yamma ita ma ta gani. Ta ce har kishi take da wayar nan, mutumin da bai taɓa jin shawararta a kan gishirin miya ba, amma yaro ya yi magana a cikin gilashi sai ka ga yana gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Afra'u ta yi murmushin da ake yi wa baƙi.

"Ai har yanzu maganarsa muke bi," in ji Adawiyya. "Gobe ma idan an sauko daga masallaci zai sayo maganin ciyawar nan da ya ce. Su biyar suka haɗa. Ana yin ruwa sai shuka, sai feshi."

"Me kuke shukawa?"

"Masara da gyada mana, kamar kullum. Gyadar tawa ce ma, shi masarar. Daga baya a sa wake."

Afra'u ta kalli hannuwan matar, busassu, da ƙunshin da ya fara goguwa. Sai ta ji bakinta yana magana. Ta yi bayanin duka, tiryan-tiryan, yadda ya faɗa, har da inda ya ce laifinsa ne. Tun rasuwar ba ta haɗa jimla uku a jere ba. Muryar ta fito a shaƙe kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Ta kunna bidiyon ta miƙa mata. Adawiyya ta kalla, ta yi salati a hankali, ta share ido da bakin mayafi, ta ce bari ta kai wa Malam zaure ya gani da idonsa, don idan ita ta faɗa cewa zai yi gyadarta take karewa.

Da ta dawo da wayar ta ce Malam ya ce zai gaya wa mutum huɗun nan. Sannan ta tambaya, ba da wata manufa ba, sauran mutane fa? Ai rumfunan shayi da yawa, kuma masu sayar da maganin sun san Juma'ar nan ce kasuwarsu, tun makon jiya suka jibge shi a bakin shaguna.

Bayan tafiyarsu Afra'u ta kira Halliru. Ta gaishe shi yadda ya kamata, ta tambayi iyali, sannan ta gaya masa abin da ta gani. Ya saurara har ƙarshe, mutum ne mai haƙuri. Ya ce ya fahimta, amma ta sani bidiyo ba tuwo ba ne da zai huce. Ko yaushe aka ɗora shi yana nan, zai nemo mutanensa a hankali. Su kansu masu Yutub ɗin sun ce lokacin ɗorawa ba shi yake yanke wa bidiyo hukunci ba a ƙarshe. Ta ce haka ne, marigayin ma yakan faɗa, amma wannan ga bidiyon da zai iya jira ne. Idan ya fita Lahadi da dare, mutanen Zinyau ba za su kunna waya ba sai wata Juma'ar, kuma kafin nan maganin yana ɗakinsu, ƙila ma yana ƙasa. Ya ce ai akwai ƙararrawa, ana sanar da masu bin tasha. Ta ce ta duba, cikin mutum goma da ƙyar ɗaya ya kunna ta, kuma sanarwa ba ta shiga wayar da take a mace. Ya ce to a tura ta Watsaf. Ta ce za a tura, amma Watsaf ɗin ma sai Juma'a suke buɗewa.

Tana jin ƙarar janareta da hayaniyar kasuwa a bayansa.

"Afra'u, ni ba na ja da ke. Jadawalin ne ban yi tunanin kwanakinsa ba. Amma kin ga Hajiya. Kin ga abin da yake tashinta daga kwance. Idan kika sake shi gobe da safe, 'yan birnin nan suna wurin aiki, zai fita shiru, manoma kuma ba sa rubutu. Ran Lahadi a taru a ce mata ai tun shekaranjiya ya fita, kowa ya gani a wayarsa? Ni ba zan iya gaya mata ba. In kin iya, bismilla."

Ta ce to, ta kashe.

Ba ta yanke komai ba. Abin da ta yi kawai shi ne abin da hannunta ya saba yi ran Alhamis. Ta fita bayan ɗaki, wajen tulun ruwa, inda sabis ya fi kamawa, ta fara ɗora bidiyon a ɓoye, yadda ba mai ganinsa sai an sake shi. Ya ɗauki kusan awa biyu, yana tafiya yana tsayawa. Ta tsaya a rana tana kallon lambar tana hawa, sittin da ɗaya, sittin da biyu, zufa tana bin bayanta a cikin hijabi. A wurin suna ta rubuta: Gyara daga Mukhtar, kada a fesa maganin nan a gonar da ke da gyada ko wake. Ta goge sunansa, ta sake rubutawa. Da aka zo wurin zaɓar rana da lokaci sai ta tsaya, ta bar shi haka, ta koma ɗaki.

Bayan la'asar Hajiya ta aiko a kira ta, lokacin karatun addu'o'i ya yi, kuma yau jikar da take karantawa ta tafi islamiyya. Afra'u ta zauna a gefen tabarma, ta buɗe tashar. Ta karanta. Allah ya jiƙanka bawan Allah, daga Kaduna. Amin, in ji Hajiya. Ban san ka ba amma na yi kuka, daga Jidda. Amin. Allah ya ba matarsa haƙuri, muryarta ta karya min zuciya. Afra'u ta karanta wannan ma da murya ɗaya da sauran, kamar labarin wata.

Gabas ta yi baƙi. Iska ta fara kaɗa zanin da aka shanya, kaji suna shigewa ƙarƙashin rumbu. Hajiya ta kalli sama ta ce bana kam Muntari ba zai ga shuka ba. Ta faɗe shi a sake, ba kuka, ita ma nata ya ƙare. Ta ce tun yana ƙarami idan aka yi ruwan fari ba ya iya zama, sai ya fita yana shinshina ƙasa.

Afra'u ta kife wayar a cinya. Ta ce, Hajiya, akwai magana. Ta tambaye ta ko Yaya ya gaya mata abin da ke cikin bidiyon. Hajiya ta ce ya ce maganar noma ce, ita ba abin da ya dame ta da abin da ya faɗa, fuskarsa take son gani yana motsi, a gaban 'yan'uwanta, a ranarsa.

Sai Afra'u ta gaya mata. Ba ta iya yin ado da maganar ba, ba ta da ƙarfinsa. Ta ce ya yi kuskure, ya gane, ya nemi afuwa, bai kai ga isar da ita ba. Ta ce akwai mutane da gobe bayan masallaci za su sayi abin da zai ƙona musu gyada, saboda sun yarda da shi. Ta nuna mata hotuna biyu, na yanzu da na bara, ta ce wannan duhun na masu yi masa addu'a ne, wannan kuma na masu jin maganarsa ne, kuma ba lokaci ɗaya suke zuwa ba. Hajiya ba ta iya karatun boko ba, amma ta karɓi wayar ta nisanta ta da ido, ta daɗe tana kallon akwatunan.

"Yanzu ɗan nawa za a nuna wa duniya yana cewa ya yi laifi?"

"Shi ya so a nuna, Hajiya."

"Kuma ba za a jira ranarsa ba."

"Idan aka jira, an saya."

Hajiya ta miƙo mata wayar. Ta ja carbi guda uku, huɗu. Ta ce ita ta riga ta yi wa mutane alkawari, kuma a shekarunta ba ta saba ta faɗi magana ta dawo ta lashe ba. Ta ce addu'ar mutum dubu goma ba abin wasa ba ce ga wanda yake kwance. Ta ce ke yarinya ce, ba ki san abin da uwa take ji ba. Ba ta ɗaga murya ba, kuma ba ta ce a'a ba, ba ta ce e ba. Ta juya fuska wajen hadarin.

Afra'u ta san idan ta yi shiru yanzu, shirun zai zama to, kamar sauran. Ta san kuma abin da ɗaya hanyar za ta jawo: wata uku da suka rage mata na takaba a gidan nan za ta yi su, a tsakar gida ɗaya da matar da ta hana wa abin da take jira, kuma ran Lahadi dangi za su ji wace ce ta yi. Ta laluba ko za ta ji tsoro. Shi ma babu. Abin da ta samu kawai shi ne hoton hannuwan Adawiyya, da rumfunan shayi da ba ta taɓa gani ba, cike da mutanen da suke jiran wayarsu ta ɗauki caji.

Ta buɗe inda ta tsaya ɗazu. Ta zaɓi rana, ta zaɓi awa, ta duba sau biyu ta tabbata safe ta sa ba dare ba. Ɗigon ruwa guda ya faɗo a fuskar wayar, ta goge da gefen hijabi.

"Hajiya, ki yafe mini," ta ce. "Ran Lahadi ni da kaina zan kunna miki shi a gaban kowa, sau nawa kike so. Amma gobe Juma'a da ƙarfe tara na safe zai fita. Na sa masa lokaci, kuma ba zan canza ba."